Neman Aiki a Kamfanin da Bai Yi Talla Ba: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Nema a Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu neman aiki a Kaduna, musamman waɗanda suka gama karatu ko bautar ƙasa, suka gaji da jiran sanarwar da ba ta fitowa. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi.

1. Ya dace in tunkari kamfanin da bai ce yana neman ma'aikaci ba? Ba za a ɗauke ni maroƙi ba?

Ya dace, matuƙar kamfanin mai zaman kansa ne. Ƙananan kamfanoni da matsakaita, irin gidajen ruwan leda, injinan gyaran shinkafa, gidajen buga littattafai, makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu, ba kasafai suke buga talla ba idan gurbi ya samu. Talla tana cin kuɗi, kuma tana jawo tarin takardun da babu mai lokacin karantawa. Abin da manaja ya fi yi shi ne ya tambayi ma'aikatansa ko sun san wani, ko ya jawo aljihun teburinsa ya duba takardun da aka taɓa kawowa. Burinka shi ne takardarka ta kasance cikin wannan aljihun, kuma a tuna fuskarka.

Roƙo kuwa ya danganta da abin da ka faɗa. Wanda ya ce "a taimaka mini da kowane irin aiki, ina da iyali" ya ɗora wa mai sauraro nauyi, kuma amsar da zai samu ita ce "Allah Ya kawo". Wanda ya ce "na iya kaza, na ga kuna yin kaza, ko akwai ranar da za ku buƙaci mutum irina?" ya zo da hajarsa ne. Duba tambaya ta 5 don ganin yadda ake tsara wannan maganar.

2. Ma'aikatun gwamnati da bankuna ma haka ake yi musu?

A'a. Ɗaukar ma'aikata na dindindin a gwamnatin jiha ko ta tarayya yana bi ta hukumar kula da ma'aikata ne, ko ta shafin da aka buɗe domin hakan, kuma shugaban sashe ba shi da ikon ɗaukar ka don ya ga wasiƙarka. Bankuna da manyan kamfanonin sadarwa su ma daga hedikwatarsu ake ɗauka, a Legas ko Abuja. Manajan reshen da ke kan titin Ahmadu Bello ko Ali Akilu iyakarsa ya faɗa maka shafin da za ka cike. Kada ka ƙarar da kuɗin mota da na buga takardu a nan. Inda wannan hanya take aiki shi ne wurin da mai yanke hukunci yake cikin ginin da ka shiga.

3. Wane bincike zan yi kafin in je?

Zaɓi kamfani biyar zuwa goma kawai, waɗanda aikinsu ya yi daidai da abin da ka iya. Raba takarda hamsin iri ɗaya a Kakuri da Kudenda a yini guda ɓata tafiya ne, domin duk wanda ya karanta zai gane ba shi aka rubuta wa ba.

A kan kowane kamfani, nemi amsar abu uku. Na farko, me suke samarwa, kuma da wane irin inji ko tsari? Na biyu, wa ke shugabantar sashen da kake son shiga? Na uku, akwai alamar suna faɗaɗa? Alamomin nan ido yana ganinsu: sabon gini a harabar, sabbin motocin rarraba kaya, sabon reshe, ko ka ga an fara aikin dare alhali a baya da yamma ake tashi. Haka nan akwai alamar kishiyar hakan. Kakuri cike take da manyan gine-ginen masaƙu da suka daina aiki shekaru da yawa, saboda haka girman katanga da allon suna ba su nuna ana aiki a ciki. Idan ka tsaya bakin ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi na safe ba ka ga ma'aikata suna shiga ba, ka wuce gaba.

Mafi yawan wannan bayani a bakin mutane yake. Mai shayi da mai abincin da ke gaban masana'anta sun san lokacin da aka ƙara ma'aikata, sun san ko ana biyan albashi a kan kari, tunda su ake ci wa bashi. Zauna ka sha shayi, ka yi tambaya cikin hira. Idan kuma sunan kamfanin baƙo ne a gare ka, duba shi a shafin binciken sunaye na hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka ga ko yana da rajista.

4. Wa zan rubuta wa? Mai kamfani, manaja, ko ofishin kula da ma'aikata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ofishin kula da ma'aikata yana aiki ne da gurbin da aka riga aka amince da shi. Idan babu gurbi a rubuce, amsarsu ta gaskiya ita ce "babu", sai a ajiye takardarka a fayil. Amma shugaban sashe, kamar injiniyan da ke kula da injina, ko babban akanta, ko shugabar malaman jinya, shi ne ke jin zafin ƙarancin hannu kullum. Shi ya san wanda zai tafi ƙarin karatu wata mai zuwa, shi ya san injin da ke tsayawa don babu mai duba shi da dare. Sau da yawa gurbi yana fara zama a kansa watanni kafin ya zama takarda.

Saboda haka, idan kamfanin yana da sassa, rubuta wa shugaban sashen da sunansa da muƙaminsa, sannan ka kai kwafi ofishin kula da ma'aikata don kada a ce ka tsallake su. Idan ƙaramin wuri ne mai ma'aikata goma ko ashirin, rubuta wa mai wurin ko manajan da ke zama kullum. Tabbatar da rubutun sunan da laƙabin da ake kiransa da shi, Injiniya ne, Alhaji ne, Dakta ce ko Hajiya. Wasiƙar da ta ɓata sunan mutum ta faɗi tun daga layin farko.

5. Me zan rubuta a wasiƙar? A ba ni misali.

Shafi ɗaya, kuma bai kamata ya cika ba. Mu ɗauki misalin matashin da ya yi babbar difloma a fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya yi shekara guda ta koyon aiki a wani gidan ruwan roba, ya gama bautar ƙasa. Ya lura wani injin gyaran shinkafa a Kudenda ya kafa sabon layi, ya kuma samu sunan injiniyan wurin daga wani direban da ke ɗaukar kaya. Ga abin da zai rubuta bayan gaisuwa:

"Ranka ya daɗe, na san ba ku sanar da neman ma'aikata ba. Na rubuto ne domin in gabatar da kaina, ko da buƙata za ta taso nan gaba. Na karanta fannin lantarki, kuma na yi wata goma sha biyu ina aiki ƙarƙashin injiniya a wani gidan ruwa, inda nake duba motocin lantarki masu juya injina, masu layi uku, ina haɗa allon sarrafa su, ina kuma kula da sauya wuta tsakanin janareta da wutar gari. Na ga kun ƙara sabon layin gyaran shinkafa, kuma na san irin wannan aiki yana buƙatar mai duba motocin injina a kai a kai, musamman lokacin kaka. Zan iya aikin dare, kuma ina zaune a Nasarawa, kusa da ku. Idan kana da minti goma a ranar da ta yi maka, zan so in zo in gaishe ka, in ji irin mutanen da kuke ɗauka. Idan babu dama yanzu, ina roƙon a ajiye takarduna. Na gode da lokacinka."

Lura da abin da wasiƙar ta yi. Ta fara da amincewa cewa babu talla, wannan yana sauke wa mai karatu nauyin cewa a'a. Ta ambaci aiki uku da hannu ya taɓa, maimakon ta ce "ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya", wanda kowa ke rubutawa. Ta nuna an san abin da ke faruwa a kamfanin. Ta ambaci aikin dare da kusancin gida, abubuwa biyu da mai masana'anta yake auna su sosai, don ma'aikacin da zai taso daga Rigasa ko Kawo kullum yakan makara. Sannan abin da ta roƙa ƙarami ne, minti goma, wanda mutum zai iya bayarwa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Yawancin kamfanoni da Turanci ake rubuta musu, to ka mayar da wannan tsari zuwa Turanci mai sauƙi, ka ba wani ya duba maka. Kada ka kwafo wasiƙar da mai shagon buga takardu yake ba kowa.

6. Waɗanne takardu zan haɗa?

Wasiƙar, da takardar tarihin karatu da aikinka wadda ake kira si-bi, shafi ɗaya ko biyu. A wannan mataki sun isa. Idan sana'ar tana buƙatar lasisi, kamar jinya, haɗa magani ko tuƙi, sa kwafinsa. Idan aikin hannu ne ko zane, hotuna uku ko huɗu na aikinka sun fi dogon bayani. Sauran takardun makaranta ka riƙe kwafinsu a jaka, ka fitar idan an tambaya. Takardun asali ba a barin su a hannun kowa, kuma ba a rubuta lambar BVN ko NIN a takardar neman aiki. Lambar wayar da ka sa ta zama wadda take kunne kullum.

7. In je da ƙafata, ko in aika imel, ko in kira waya?

A Kaduna, ga ƙananan kamfanoni da masana'antu, zuwa da ƙafa ya fi tasiri. Adireshin imel ɗin da ke jikin allo ko kwali sau da yawa babu mai buɗe shi. Imel yana da amfani idan ka samu adireshin mutumin kansa, ko idan kamfanin na fasahar zamani ne ko ƙungiya ce mai zaman kanta. A nan, sa wasiƙar a jikin saƙon, ka maƙala si-bi a matsayin PDF mai ɗauke da sunanka, kuma kan saƙon ya faɗi sana'arka da abin da kake tambaya.

Waya ba ta dace da haɗuwar farko ba, don tana katse wa mutum aiki, kuma cewa a'a ta waya ba ta da wuya. WhatsApp kuma sai idan mutumin da kansa ya ba ka lambar, ko wanda ya haɗa ku ya nemi izininsa. In ka samu izinin, rubuta saƙo ɗaya cikakke da sallama, da sunanka, da wanda ya ba ka lambar, da buƙatarka. Kada ka aika "sallama" kaɗai ka zauna jiran amsa, kada ka aika saƙon murya, kada kuma ka rubuta bayan isha'i.

8. Maigadi ya hana ni shiga. Yaya zan yi?

Ka sa a ranka tun daga gida cewa hakan zai faru. An umarce shi ne ya tare masu neman aiki, kuma idan ka tambaye shi "ana ɗaukar ma'aikata?" zai ce ba a ɗauka, maganar ta ƙare. Gaishe shi yadda ya kamata: "Baba, sannu da aiki, ya gajiya?" idan dattijo ne, ko "Malam" ko "Oga" gwargwadon yadda ka gan shi. Kaduna gari ne na kowa, ba duk maigadi ko sakatariya ke jin Hausa sosai ba, don haka ka saurari harshen da aka amsa maka ka bi shi. Sannan ka ce ka kawo wasiƙa ce ga Injiniya wane, ka ambaci suna. Ambulan mai suna a bayansa saƙo ne da dole a isar, shi ya sa tambaya ta 4 ta nace a kan neman suna.

Idan ya ce ka bari a wurinsa, ka bari, amma ka roƙa a rubuta a littafin baƙi ko na wasiƙu, ka tambayi sunansa, ka kuma tambaye shi ranar da ya ga ya fi dacewa ka dawo. Kada ka yi ƙarya cewa an ba ka lokaci. Zai kira ciki ya tambaya, kuma daga ranar ƙofar ta rufe maka. Kada ka kuma tare manaja a bakin ƙofa yana cikin mota, ko ka bi shi masallaci ko coci ko gida da takarda. Wasu suna ganin wannan dabara ce, amma mutum yakan ji an takura shi, ya karɓa don kunya, ya manta da ita a kujerar baya.

9. Wane lokaci ya fi dacewa?

A cikin mako, Talata zuwa Alhamis, tsakanin ƙarfe goma da sha biyu. Safiyar Litinin ta taro ce, Juma'a kuma daga hantsi hankali ya koma masallaci da tafiya. Guji kwanakin ƙarshen wata idan sashen kuɗi kake nema.

A cikin shekara, bi kakar sana'ar, ka riga ta da wata ɗaya ko biyu. Masu gyaran shinkafa, masu sayen masara da waken suya da masu haɗa abincin kaji aikinsu yana ƙaruwa bayan girbi, to Satumba ko farkon Oktoba ne lokacin zuwa. Gidajen ruwa da lemo suna cika da aiki a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, sai a je musu a Fabrairu. Makarantun kuɗi suna cike guraben malamai a dogon hutu, kafin sabuwar shekarar karatu ta Satumba. Dillalan taki da iri kuwa kafin faɗuwar damina suke neman hannu.

10. An ba ni minti goman. Me zan faɗa?

Gaisuwa gajeriya, godiya, sannan ka faɗi sunanka da abin da ka iya cikin jimla biyu ko uku. Daga nan ka bar shi ya yi magana. Tambayoyi uku sun wadatar: "Yallaɓai, idan kuna ɗaukar mutum a wannan sashen, me kuka fi dubawa?" "Wane lokaci ne a shekara kuka fi buƙatar ƙarin hannu?" "Idan na ƙara koyon abu ɗaya kafin in dawo, me za ka ba ni shawara?" Amsar ta ukun takan fi komai daraja. Idan injiniyan misalinmu ya ce matsalarsu na'urar sarrafa gudun motar da ke juya inji ce da ba kowa ya iya saita ta ba, matashin ya samu abin da zai je ya koya, ya kuma samu dalilin dawowa.

Kada ka ɗauko maganar albashi. Idan shi ya tambaya, ka ce za ka so ka fara jin yadda aikin yake da tsarin biyansu. Kada ka zagi inda ka baro. Minti goma na cika ka nuna alamar tashi, sai in shi ya riƙe ka. Kafin ka fita, nemi izini: "Ko zan iya tuntuɓar ka bayan wata ɗaya in ji ko wani abu ya taso?" Wannan izinin shi ne ginshiƙin abin da ke tambaya ta 11.

11. Sau nawa zan bibiya kafin in zama mai naci?

Idan wasiƙa ka ajiye ba ka ji komai ba, jira kwana goma zuwa mako biyu, ka koma ko ka aika gajeren saƙo kana tambaya ko ta isa hannu. Idan shiru ya ci gaba, sake gwadawa sau ɗaya bayan wata guda. Bayan wannan ka dakata har wata uku, ko har wani sabon abu ya faru: ka samu sabuwar takardar shaida, ko kamfanin ya buɗe reshe. Bibiyar da ta zo da labari sabo ba ta gundura. Wadda ke gundura ita ce "ina dai tuni" kowace Litinin.

Koyi fassara amsa. "Za mu neme ka" ba tare da wata tambaya ba, yawanci sallama ce cikin mutunci. Amma idan an tambaye ka yaushe za ka iya farawa, ko an ce ka kawo kwafin takardunka, ko an tura ka wurin wani da suna, akwai abu a ƙasa. Riƙe ƙaramin littafi: sunan kamfani, wanda ka gani, rana, abin da aka ce, ranar komawa. Bayan kamfani shida, ƙwaƙwalwa tana haɗa su.

12. Ina da wanda na sani a ciki. In bi ta hannunsa?

Ka bi, amma ka roƙe shi abin da zai iya. "Ka samo mini aiki" ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata, kuma yana sa su fara guje maka. Ka ce: "Yaya, don Allah wa ke shugabantar sashen gyara a wurinku? Zan iya ambaton sunanka a wasiƙata?" Idan ya yarda, layin farko ya zama "Malam wane ya ba ni shawarar in rubuto maka." Kada ka ambaci sunan kowa sai da saninsa. Ka kuma yi la'akari da matsayinsa a wurin, domin sunan ma'aikacin da ake kuka da shi zai ja ka ƙasa.

13. An ce in zo gwaji ba albashi, wani kuma ya ce in kawo kuɗin fom. In yarda?

Kuɗi kam a'a, ko nawa ne, ko da sunan fom, ko rajista, ko "na goro" ga wanda zai shigar da takarda. Kamfanin da bai yi talla ba ba shi da fom ɗin sayarwa. Haka nan wanda ya kira ka bayan ka ajiye takarda ya ce ganawa a otal za a yi, ko da dare, ko a wani gari, ka koma ofishin da ka kai takardar ka tabbatar da shi. Mata musamman su tsaya a kan ganawa a ofis, lokacin aiki, kuma wani a gida ya san inda aka je.

Gwaji kuwa yana iya zama ƙofa ta gaskiya a aikin hannu, inda mai wuri yake son ya ga yadda kake riƙe kayan aiki. Sharaɗin shi ne a yanke masa iyaka tun farko. Tambaya cikin ladabi: kwana nawa ne, wa zai duba aikina, kuma me zai biyo baya idan an gamsu? Kwana uku zuwa mako biyu ya isa a gane mai iyawa, kuma ba laifi ba ne ka nemi kuɗin mota. Idan gwajin ya shiga wata na biyu babu maganar biya, ka nemi ganin wanda ya kawo ka ku yi magana a fili. In an ɗauke ka, nemi takarda. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da farawa, ciki har da irin aikin, da albashi, da wa'adin sanarwa idan ɗayanku zai rabu da ɗaya.